Imoji da sitika a zauren aiki: wanne za a bari, wanne za a hana?

"Ni ce sakatariyar sashenmu, kuma ni ke kula da zaurenmu na aiki a WhatsApp, mu 40 har da manaja. Makon jiya manaja ya sanar cewa an matso da ranar miƙa rahoto, sai wani ya turo sitikar mutum yana birgima yana kuka, wasu suka bi shi da dariya. Manaja bai ji daɗi ba, yanzu an ce in rubuta doka. In hana imoji da sitika gaba ɗaya ne, ko akwai wanda ya dace a bari?"

Malama, kada ki hana gaba ɗaya. Dokar hana komai ba ta wuce mako biyu, domin ran da aka yi wa wani ƙarin girma, manajan da kansa zai fara sa alamar tafi, daga nan kuma dokar ta mutu, ke kuma kin rasa bakin magana. Abin da zai yi miki aiki shi ne ki raba abubuwa uku da mutane ke haɗawa wuri guda, alhali ba iri ɗaya ba ne, ba kuma ɓarna iri ɗaya suke yi ba.

Na farko shi ne alamar da ake maƙala wa gindin saƙo: ki danne saƙon na ɗan lokaci, jerin alamomi ya fito, ki taɓa ɗaya. WhatsApp ya kawo wannan a watan Mayun 2022 da alamomi shida, 👍 ❤️ 😂 😮 😢 🙏, bayan wata biyu ya buɗe a zaɓi kowane imoji. Na biyu shi ne imojin da ake sawa a cikin rubutu, yawanci a ƙarshen jimla. Na uku sitika, wadda hoto ce sukutum, kuma saƙo ce mai zaman kanta kamar kowane saƙo.

Bambancin ba na ado ba ne. Idan kin maƙala alama a gindin saƙo, wayar wanda ya rubuta saƙon kaɗai ce ke sanar da shi, kuma saƙon yana nan a inda yake, babu abin da ya tura shi sama. Sitika kuwa tana shiga wayar kowa. Ɗauki zaurenku na mutum 40. Manaja ya sa sanarwa, sauran 39 kowa ya amsa da sitika ko da "To, ranka ya daɗe". Kowane ɗaya daga cikin saƙonni 39 ɗin zai faɗa wayoyi 39, wato sau 1,521 ke nan aka taɓa wayoyin mutane a kan magana guda. Da alamar gindin saƙo aka yi, sau 39 ne, kuma duk a wayar manaja. Ban da haka, sitika uku ko huɗu sun isa su cika fuskar waya, don haka wanda ya buɗe zauren bayan sa'a biyu ba sanarwar zai fara gani ba, sai ya yi ta jan fuska sama kafin ya iske ta, in ma ya damu ya nema. Sau da yawa wanda ya ce "ni ban ga sanarwar ba" gaskiya ya faɗa: amsoshin abokan aikinsa ne suka binne ta.

Saboda haka alamar gindin saƙo ita ce ta fi kowace amsa dacewa da zauren aiki, ta ma fi rubutu a wasu lokutan. Sai dai a jikinta babbar matsalar take, kuma ba dariya ba ce.

Babban yatsa: na gani, ko na amince?

Alamar 👍 ita ce aka fi sawa a zaurukan aiki, kuma ita ce ta fi janyo asara ta gaske, saboda tana da ma'ana aƙalla huɗu: na gani, na fahimta, na amince, zan yi. Mai sawa yana nufin ɗaya, mai karantawa yana ɗaukar wadda ta fi yi masa daɗi.

Bari mu bi misali guda daki-daki. Mai kula da sito ya rubuta a zaure da ƙarfe 4:10 na yamma: "Ranka ya daɗe, ga takardun farashin tawadar na'urar buga takardu daga 'yan kwangila biyu. Na farko ya fi sauƙi amma sai bayan kwana 14 zai kawo. Na biyu ya fi tsada amma kwana 3. Ina ganin mu ba na biyu." Manaja yana cikin taro, ya leƙa waya, ya sa 👍, a ransa yana cewa na gani, zan duba in na fito. Mai sito ya ga yatsa, ya kira ɗan kwangila na biyu ya ba da oda da ƙarfe 4:30. Washegari akanta ya ƙi biya, domin ƙa'idar ofis ita ce a ɗauki mafi sauƙin farashi sai in manaja ya rubuta dalilin kauce wa hakan. Manaja ya ce bai amince da komai ba. Mai sito ya ce ga shaida a zaure.

To ina shaidar? A nan ne mutane ke shan mamaki. Wanda ya sa alama a gindin saƙo yana iya cire ta ko ya canja ta da taɓawa ɗaya, kuma ba ta barin wata alama a zauren cewa ta taɓa zama a wurin, ba kamar saƙon da aka goge ba, wanda ke barin gurbinsa a rubuce. Haka nan idan aka fitar da tarihin hirar ta hanyar Export chat don a ajiye a fayil, rubutu ne ke fitowa da kwanan wata da lokaci, alamomin gindin saƙo ba sa biyowa. Sitika ma, idan an zaɓi Without media, layi ɗaya kawai za a gani da ke cewa an tsallake wani hoto. Wato duk amincewar da aka bayar da alama, a takardar ajiya babu ita. Mai sito ya rage daga shi sai hoton fuskar waya, in ya yi dabarar ɗauka.

Kada kuma a ɗauka rashin tabbacin nan yana kare mai sa alamar kullum. A watan Yunin 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada ta yanke hukunci a kan irin wannan. Wakilin wani kamfanin sayen amfanin gona ya tura wa manomi hoton takardar kwangila ta waya, ya nemi ya tabbatar, manomin ya amsa da 👍, daga baya bai kawo kayan ba, lokacin farashi ya riga ya tashi. A kotu ya ce shi nufinsa saƙon ya iso, ba wai ya amince ba. Alƙali ya duba yadda suka saba hulɗa, ya ga a baya manomin kan tabbatar da kwangila da gajerun kalmomi irin su "to" kuma ya cika, sai ya ɗauki yatsan a matsayin sa hannu, ya ci shi diyyar kimanin dalar Kanada 82,000. Hukuncin na Kanada ne, ba ya ɗaure kotun wata ƙasa, amma yadda alƙalin ya yi tunani abin lura ne: bai tambayi abin da ke zuciyar mai alamar ba, ya tambayi abin da mai hankali zai fahimta idan ya duba al'adar da ke tsakanin mutanen biyu. A zaurenku ma haka ne. Idan manaja ya saba amincewa da hutu da sayayya da yatsa, ran da ya sa yatsan da nufin "na gani" ba shi da hujja.

Gyaran misalin mai sauƙi ne, kuma ɓangarori biyu ne. Mai tambaya ya rufe saƙonsa da tambayar da alama ba za ta iya amsawa ba: "A rubuta mini 1 ko 2." Mai iko kuma, a kan duk abin da ya shafi kuɗi, izini, hutu, canjin aiki ko ranar miƙa wani abu, ya amsa da kalmomi ta hanyar Reply a kan ainihin saƙon: "Na amince da na biyu, saboda gaggawa." Daƙiƙa goma ne. Idan kuma aka sa wa mutum yatsa a kan irin wannan tambayar, ba rashin ladabi ba ne ya rubuta: "Ranka ya daɗe, in ɗauka an amince da na biyu ke nan?" ya kuma jira amsa kafin ya motsa. Wannan jimlar ita ce mafi amfani da ƙaramin ma'aikaci zai iya koya a duk wannan batu.

Sannan ku daidaita wa alamomi biyu ko uku ma'ana tabbatacciya, ku rubuta. Abin da ake yawan yi a zaurukan aiki, musamman masu amfani da manhajar hirar ma'aikata ta Slack, shi ne 👀 na nufin ina dubawa, ✅ na nufin an gama. Ku ƙara da 👍 na nufin na gani kawai. Kada su wuce uku, domin da zarar sun kai shida ko bakwai mutane sun fara mantawa, an koma gidan jiya. Ki kuma tuna cewa a WhatsApp alama ɗaya mutum ke iya sawa a kan saƙo ɗaya, sabuwa tana maye gurbin tsohuwa, wanda ya dace da wannan tsarin: 👀 da safe, ya koma ✅ da rana. Amma canjin, wayar mai saƙon ce kawai ke sanarwa, don haka in akwai wasu da ke jiran a gama aikin kafin su fara nasu, sai an rubuta musu.

Wani ƙarin bayani a gefe. Idan abin da manaja ke so shi ne ya san wa ya karanta, ba ya ma buƙatar a amsa masa. Ya danne saƙon da ya tura, ya shiga Info, zai ga jerin waɗanda suka karanta da lokacin, kuma a zaure wannan yana aiki ko da mutum ya kashe alamar karantawa a wayarsa. Idan zaɓi ake so, kamar ranar taro, a yi amfani da Poll, kada a ce "masu son Talata su sa yatsa, masu son Laraba su sa zuciya".

Imoji a cikin rubutu

Rubutu ba shi da murya ba shi da fuska. "Ka turo rahoton" ana iya jin sa a matsayin tuni, ana iya jin sa a matsayin tsawa, kuma mai karantawa yakan cike gurbin da halin da yake ciki a lokacin. A nan imoji ke taimako: "Na gode, aiki ya yi kyau 👏" ko "A taimaka a turo kafin 12 🙏". Yana ɗan maye gurbin sassaucin murya. Amma taimakonsa yana da sharaɗi: ya tafi da kalmomin hanya ɗaya. Da zarar kalmomi sun nufi gabas imoji ya nufi yamma, an samu habaici. "Karo na uku ke nan ina tambayar fayil ɗin nan 🙂" ya fi zafi a kan jimlar da babu murmushin, domin kowa ya san mai maganar ba murmushi yake ba. Wanda ya sa shi yana ganin ya tausasa, wanda aka aika wa yana jin an yi masa ba'a a gaban mutum 38. Gyara ko tsawatarwa ba sa son imoji ko ɗaya, kuma tun farko ba a zaure ya kamata a yi su ba.

Abu na biyu shi ne sabo. A 2017 masu bincike daga jami'o'in Ben-Gurion da Haifa da Amsterdam suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 549 daga ƙasashe 29. Sun ba su saƙonnin imel na aiki daga wanda ba su sani ba, wasu da alamar murmushi, wasu babu. Sakamakon: a saƙon aiki murmushin bai sa an ga mai saƙon ya fi kirki ba, sai ma ya sa an ga ƙwarewarsa ta ragu, kuma amsoshin da aka ba shi sun fi ƙarancin bayani. Ki lura da iyakar wannan: imel ne, kuma haɗuwar farko ce, ba zauren mutanen da suka yi shekaru suna aiki tare ba. Abin da za ki ɗauka daga ciki shi ne, imoji yana cin moriyar sanayya da ta riga ta kasance, ba ya ƙirƙirar ta. Sabon ma'aikaci ya yi mako ɗaya ko biyu yana rubutu zalla yana kallon yadda manya ke yi. Haka kuma ran da aka saka baƙo a zaure, abokin ciniki ko mai binciken kuɗi ko wani daga hedikwata, zauren ya koma na baƙi har ya fita.

Na uku, matsayi. Imoji ɗaya yana canja nauyi gwargwadon inda ya fito. Idan manaja ya sa 😂 a kan kuskuren ƙaramin ma'aikaci, ya ba kowa izinin dariya, kuma yaron ba shi da halin ramawa. Idan ƙarami ya sa 😂 a kan umarnin manaja, ana karanta shi a matsayin raini ko da wasa yake. Amfanin imoji daga sama zuwa ƙasa ya fi yawa a wajen yabo, domin 👏 guda daga shugaba a gaban jama'a tana da daraja. Sai dai da tarko: mutane suna ƙirgawa. In shugaba ya saba yi wa mutum uku tafi, sauran sai yatsa ko shiru, kowa ya gani, domin taɓa alamomin da ke gindin saƙo yana nuna wanda ya sa me.

Game da yawa, imoji ɗaya a saƙo ya isa, a ƙarshen jimla, kuma kada ya maye gurbin kalma. Akwai dalili ban da kyan gani. Ma'aikaci mai larurar gani da ke amfani da TalkBack ko VoiceOver, wayarsa tana karanta masa sunan imojin da murya, don haka jimlar da aka cusa wa imoji tsakanin kalmomi tana zame masa surutu. Kuma binciken zaure yana aiki da kalma: in an sa hoton mota maimakon a rubuta "mota", bayan wata uku ba za a samo saƙon ba.

Akwai 'yan alamomin da suka cancanci a ambace su da suna. 😂 tana da hawaye, kuma a jerin shidan nan alama ɗaya ce kawai tsakaninta da 😢, don haka ana yawan sa dariya a kan sanarwar rasuwa ko rashin lafiya, wani da kuskuren yatsa, wani kuma da gaske yana zaton kuka ne. Sanarwar rasuwa a amsa ta da kalmomi, gajeru, ko a kira mutumin. 🙏 tana nufin na gode, ko don Allah, ko a yi haƙuri, ko addu'a, amma da yake duk ma'anonin na ladabi ne, ba ta cika ɓata abu ba, sai in an ba da ita a madadin amsa. ❤️ a kan saƙon taya murna na kowa da kowa ba komai, amma daga mutum guda zuwa saƙonnin mutum guda a kai a kai, musamman daga babba zuwa na ƙasa da shi, tana jawo magana, wani lokaci har ƙorafi a rubuce. 😉 da 😘 ba su da gurbi a zauren aiki ko kaɗan. 🙄 kuwa harara ce, kuma kowa ya san harara.

Ki sani kuma cewa abin da kika tura ba lallai shi ake gani ba. Ƙungiyar Unicode lamba da suna take ba kowane imoji, zanen kuwa kowane kamfani nasa yake yi. WhatsApp a wayoyin Android yana da nasa zanen, a iPhone kuma zanen Apple ake gani. Wani bincike na Jami'ar Minnesota a 2016 ya nuna yadda 😁 a zanen Apple na wancan lokacin mutane da yawa suka karanta ta a matsayin yaƙe, alhali a wasu wayoyin fara'a ce sosai. An gyara zanen daga baya, amma darasin yana nan: fuskoki masu ma'ana biyu sun fi haɗari a kan alamomi irin su ✅. Sabbin imoji kuma, a tsohuwar waya ko manhajar da ba a sabunta ba, akwati ne kawai ke fitowa.

Sitika

A kan sitika ra'ayina ya fi tsauri: a babban zauren aiki a hana, sai in shugabanni sun keɓe lokuta kamar taya murna. Imoji kowa ya san iyakarsa, jerinsa guda ne a duniya. Sitika kuwa kowa na iya haɗa tasa, da fuskar ɗan siyasa, ko ɗan wasa, ko rubutun gatse, kuma ma'anarta tana rataye ne a kan wani barkwanci da rabin zauren ba su sani ba. Wanda bai san barkwancin ba sai ya karanta abin da idonsa ya gani. Abin da ya faru da ku ke nan: mai sitikar wataƙila yana nufin "wayyo, aiki ya ƙaru", manaja ya ga mutum yana yi wa umarninsa wasan yara, waɗanda suka bi da dariya kuma suka mayar da abin tamkar taron dangi. Ki lura, da mutumin ya rubuta "Ranka ya daɗe, Alhamis ta yi mana kusa, alƙaluman reshe ba sa isowa sai Laraba da yamma", ƙorafin guda ne, amma da an saurare shi. Sitikar ta faɗi damuwar ba tare da ta ba manaja abin da zai amsa ba.

Akwai haɗarin yatsa ma. Sitika tana tafiya da taɓawa ɗaya, ba ta jiran a danna tura kamar rubutu, kuma waɗanda aka yi amfani da su kwanan nan su ne a gaba. Wanda ya gama raha da abokansa a wani zaure, sitikokin rahar ne ke jiran sa idan ya buɗe na ofis.

Mafi muni ita ce sitikar da aka haɗa da hoton abokin aiki, an kama shi yana gyangyaɗi a taro ko yana cin abinci. Duk wanda ya gan ta yana iya ajiye ta a Favorites ya tura wani wuri, kuma goge ta daga zaure ba ya dawo da kwafin da aka riga aka ajiye. Wannan ki sa shi a doka a fili, ba togiya, ko da mai hoton ya yi dariya a ranar, domin ƙaramin ma'aikaci yakan yi dariya ne don ba shi da zaɓi.

Mutane kuwa suna buƙatar wurin raha, kuma in an toshe ta ko'ina za ta ɓullo a inda ba a so. Buɗe zaure na biyu na hira, wanda shigarsa ganin dama ce, yana rage matsin. Sharaɗinsa ɗaya: kada a taɓa sa sanarwar aiki a can, in ba haka ba ya zama dole ga kowa.

Dokar da kuma abin da ya riga ya faru

Ki rubuta ta gajere, yadda za ta shiga Group description, ga misali: "Wannan zaure na aiki ne. Idan an sa sanarwa, a maƙala 👍 a gindinta, ma'anarta na gani, ba sai an rubuta amsa ba. 👀 ina dubawa, ✅ an gama. Amincewa da kuɗi, hutu, izini ko canjin rana sai a rubuce da kalmomi. Mai ƙorafi ko tambaya a kan sanarwa ya rubuta dalilinsa. Ba a tura sitika a nan, kuma ba a haɗa sitika da hoton abokin aiki. Raha tana zauren hira." Ki nuna wa manaja kafin ki saka, ki kuma faɗa masa cewa layin amincewa a rubuce shi ya fi shafa. Zai fi kyau ma shi ya sanar da ita, ke ki yi mata Pin na kwana 30, wanda shi ne mafi tsawo a zaɓin da ake bayarwa. Kada a sanar da ita a matsayin martani ga mai sitikar makon jiya, kada kuma a ambaci lamarin, in ba haka ba kowa zai karanta ta a matsayin hukuncin mutum guda.

Idan wani ya karya, ki bi shi ta saƙon sirri ki ce ya goge da kansa ta Delete for everyone, wanda ke aiki har kimanin kwana biyu bayan turawa. Ke ma a matsayinki na mai kula da zaure kina iya gogewa, amma gurbin zai nuna wa kowa cewa ke kika goge, wanda tsawatarwa ce a bainar jama'a. Ki ajiye wannan don abin da ba zai jira ba, kamar batsa, zagi ko hoton wani. In kuskuren alama ce a gindin saƙo, kamar dariya a kan rasuwa, cirewa kaɗai ba ta isa ba, domin wayar mai saƙon ta riga ta sanar da shi. Sai a bi shi da layi ɗaya a keɓe: "Yi haƙuri, yatsana ne ya zame." Shi ma mai sitikar makon jiya abin da ya rage masa ke nan, ya samu manaja shi kaɗai, ya ba da haƙuri a taƙaice, sannan ya faɗi matsalar ranar da aka matso da ita, in akwai.

Wannan duka na zauren ofis ne na yau da kullum. Inda doka ta wajabta ajiye bayanai, kamar banki ko asibiti, ƙa'idar ma'aikata ce a gaba, kuma wasu ba su yarda a ba da izini ta WhatsApp ba ko da a rubuce. Sannan akwai abin da doka ba ta gyarawa. Bayan wata ɗaya ki duba zauren: in sanarwa tana samun yatsu talatin da wani abu, tambayoyi kuma suna zuwa a rubuce, tsarin ya zauna. In kuwa yatsun suna zuwa amma babu mai tambayar komai, kuma rahotanni suna ci gaba da makara, to mutane sun daina magana ne kawai, kuma abin da sitikar kukan ta faɗa game da ranar rahoton yana nan ba a amsa shi ba. Wannan kuma maganar taro ce, ki sa ta a ajandar zama na gaba.